Hannu Ya Sanƙare da Asuba: Me Gwajin RF da Anti-CCP Ke Faɗa, Me Kuma Ba Sa Faɗa?

A Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, kusan duk ciwon gaɓɓai sunansa ɗaya a bakin jama'a, ko dai sanyin ƙashi ko amosani. Tsohon da gwiwarsa ke ƙara in ya durƙusa, da matashi mai sikila, da matar da yatsunta suka kumbura bayan haihuwa, duk sanyi ake cewa ya kama su. A wajen likita kuwa waɗannan cututtuka ne daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu, wato amosanin rumatoyid, yana da gaggawa, domin yana cin gaɓa a hankali, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Gwajin jini biyu ake yawan rubutawa idan ana zarginsa. A takardar sakamako za a ga an rubuta ɗaya RF, ɗayan kuma Anti-CCP. Mutane da yawa suna ɗaukar takardar nan a matsayin hukunci: in ta ce fozitif shi ke nan cuta ta tabbata, in ta ce negetif an tsira. Duka biyun kuskure ne. Sakamakon ba shi da ma'ana sai an ɗora shi a kan abin da aka gani, aka kuma taɓa, a hannun mai ciwon.

Wace irin sanƙarewa?

Kafin a kai ga jini, tambaya ta farko ita ce tsawon lokaci. Wanda guringuntsin gwiwarsa ya zaizaye saboda shekaru ko aikin ƙarfi shi ma yakan tashi a ƙage, amma kafin ya gama alwala ya taka zuwa masallaci jikin ya saki. Irin wannan ba ta cika wuce minti 30 ba, kuma ciwon nasa ƙaruwa yake yi da yamma, bayan ya wuni a gona ko a kasuwa. Sanƙarewar rumatoyid akasin haka take. Takan wuce minti 30, sau da yawa ta kai awa ɗaya ko fiye, motsi ne ke sassauta ta, zama wuri ɗaya kuma ya dawo da ita. Dalili shi ne tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa ya kumbura, ruwa yana taruwa a ciki da dare, kuma sinadaran da ke hura kumburi suna kaiwa ƙololuwa ne gab da asuba.

Yawancin marasa lafiya ba sa duba agogo, don haka ma'aikacin lafiya mai lura yakan auna da abin da suka sani. Zai ce, "Inna, in kin tashi sallar asuba kina iya dunƙule hannu? Kina iya murɗa murfin buta ko matse tsumma? Sai yaushe hannun ke saki, kafin yara su tafi makaranta ko sai hantsi?" Amsar da ta ce sai rana ta ɗaga sosai ta fi kowace kalma nauyi.

Tambaya ta biyu ita ce waɗanne gaɓɓai. Rumatoyid ya fi son ƙananan gaɓɓai: tushen yatsun hannu, gaɓar tsakiyar yatsa, wuyan hannu da tushen yatsun ƙafa, kuma yakan kama dama da hagu tare. Gaɓar da ke kusa da farce da gindin babban yatsa kuwa galibi wurin zaizayar tsufa ne. Akwai gwajin da ba ya bukatar ko sisi: a riƙe tushen yatsu huɗu a matse su a hankali kamar ana musabaha. In mutum ya janye hannu don zafi, akwai abin dubawa. Sannan a taɓa gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Kumburin rumatoyid laushi gare shi, yana lotsawa a ƙarƙashin yatsa, ba tauri irin na ƙashin da ya tsiro ba. Idan an sami irin wannan kumburi ko da a gaɓa ɗaya, kuma ya ɗauki makonni, a nan ne gwajin jini ke da aikin yi.

Abin da kowane gwaji ke nema

Jikin mutum yana ƙera sinadaran garkuwa, waɗanda ake kira antibodi, don su kama ƙwayoyin cuta. RF antibodi ne da ya juyo ya kama wani antibodi ɗan'uwansa na cikin jinin mutumin. Likitan ƙasar Norway, Erik Waaler, shi ya fara bayyana shi a 1940, Harry Rose ya sake gano shi a New York a 1948, sannan a 1956 Singer da Plotz suka fito da hanyar gwaji mai sauƙi ta ƙwayoyin roba, wadda har yau ita ce ake yi a yawancin ƙananan ɗakunan gwaji. Ana ɗiga ruwan jini a kan faranti, a haɗa da maganin gwajin, a jujjuya na minti biyu, in ya yi gudaji-gudaji a ce fozitif. Rauninsa yana cikin asalinsa. Duk abin da ya daɗe yana tsokanar garkuwar jiki zai iya sa jiki ya ƙera RF, ko da gaɓɓai lafiya lau suke.

Anti-CCP ya zo daga baya. Masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Walther van Venrooij, sun nuna a 1998 cewa jinin masu rumatoyid yana ɗauke da antibodi da ke farautar furotin ɗin da aka sauya masa wani ɗan sashe, aka mayar da arjinin ya zama sitirulin. Wannan sauyi yana faruwa a jikin kowa a inda ake kumburi, amma ba kowane jiki ke ɗaukarsa abokin gaba ba. Daga wannan bincike aka ƙera gwajin a 2000, aka inganta shi bayan shekara biyu. Shan taba yana ƙara yawan wannan sauyi a huhu, shi ya sa mashaya taba suka fi kamuwa da rumatoyid mai anti-CCP.

Wani babban nazari da aka buga a 2007, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya ba da alƙaluman da ake yawan aiki da su. A cikin masu rumatoyid 100, RF yakan kama kimanin 69, anti-CCP kuma kimanin 67. A wajen kamawa ke nan kusan kunnen doki suke, kowannensu yana barin kusan kashi ɗaya cikin uku. Bambancin yana wajen waɗanda ba su da cutar. A cikin irin waɗannan 100, RF yakan yi wa kimanin 15 ƙazafi, anti-CCP kuwa kimanin 5 kawai. RF kamar karen gida ne mai haushin ɓarawo da baƙo da akuyar maƙwabta. Anti-CCP ba ya haushi barkatai, in ya yi a fito a duba, amma shi ma wani dare ɓarawo zai shiga yana barci.

Me ya sa RF ya fi yaudara a ƙasarmu

Waɗancan alƙaluma galibi daga Turai da Amurka da Japan aka samo su. A nan lamarin RF ya fi haka rikici, kuma an daɗe da sanin hakan. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan daga tsakiyar shekarun 1960 kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya shafe shekarun 1970 a can, ya lura da abu biyu masu kama da saɓani. Masu rumatoyid ba su da yawa a cikin waɗanda ake kwantarwa a Ibadan, amma RF ya yawaita a jinin mutanen karkara masu lafiya. Shi da abokan aikinsa sun buga wannan a 1971, kuma ya danganta shi da yawan cututtukan da jiki ke fama da su tun yarinta, musamman zazzaɓin cizon sauro.

Idan aka jera cututtukan da ke ɗaga RF ba tare da rumatoyid ba, za a ga jerin ya yi kama da rajistar kowane asibitin karkara a yammacin Kano. Akwai ciwon hanta nau'in B da C, akwai tarin fuka, akwai zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, akwai kuturta, akwai kuma tsargiya, wadda ba baƙuwa ba ce a duk inda ake noman rani da wanka da kamun kifi a bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Nau'in C ya fi ruɗarwa, domin shi kansa yana kawo ciwon ƙananan gaɓɓai, ga shi kuma yana ɗaga RF a babban kaso na masu ɗauke da shi. A irin wannan hali anti-CCP ne ke raba gardama, don yawanci negetif yake fitowa a ciwon hanta. Tsufa kaɗai ma yana ɗaga RF kaɗan. Haka wasu cututtukan garkuwar jiki, kamar lufus da cutar da ke busar da ido da baki.

Anti-CCP ma ba ma'asumi ba ne. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke sa shi fitowa fozitif a banza ita ce tarin fuka mai aiki. Saboda haka mai ciwon gaɓɓai da ke tari fiye da mako biyu, yana rama, yana gumin dare, a fara gwada majinarsa kafin a ɗora masa sunan rumatoyid.

Akwai kuma ɗaya gefen. An daɗe ana cewa rumatoyid ba cutar Afirka ta Yamma ba ce, har wani bincike na 1993 da ya duba mutum kusan 2,000 a karkarar kudu maso yammacin Nijeriya bai sami ko mutum ɗaya da cutar ta tabbata a kansa ba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin masu rumatoyid 200 daga asibitin gaɓɓai a Legas. Mata sun ninka maza fiye da sau biyu, a matsakaici sun shafe kusan shekara biyar da ciwon kafin su iso wurin ƙwararre, kuma waɗanda RF ɗinsu ya fito fozitif ba su kai rabi ba. Cutar tana nan ke nan, kuma wanda ya dogara da RF shi kaɗai zai yi kuskure ta fuska biyu: ya laƙaba wa mai lafiya cuta, ya kuma sallami mai cutar.

Ɗan lissafi

Abin da ke sauya ma'anar sakamako shi ne wa aka gwada. A ƙaddara an tara mutum 1,000 masu kukan ciwon jiki kawai, ba kumburi, a ce 10 daga cikinsu ne ke da rumatoyid. RF zai kama 7 daga cikin goman nan, ya kuma fito fozitif a kimanin 148 daga sauran 990. Masu takardar fozitif sun zama 155, masu cutar a cikinsu 7 ne, wato kusan ɗaya cikin 22. Ko anti-CCP aka yi musu, zai kama 7 na gaskiya da kimanin 50 na ƙarya, ɗaya cikin takwas ke nan.

Yanzu a ƙaddara mutum 100 ne da aka zaɓo bayan an duba hannuwansu, kowannensu da kumburin ƙananan gaɓɓai na fiye da mako shida, a ce rabinsu ke da cutar. RF zai kama kimanin 35 na gaskiya da 8 na ƙarya. Anti-CCP zai kama kimanin 34 na gaskiya da 3 na ƙarya, wato a duk fozitif goma, tara gaskiya ne. Gwajin bai canza ba, mutanen da aka kawo masa ne suka canza. A lura kuma cewa a cikin masu cutar 50, kimanin 16 za su fito negetif a anti-CCP alhali cutar na cin gaɓɓansu.

Yadda ake karanta lambar

Takarda mai amfani tana ɗauke da lamba da kuma iyakar da ɗakin gwajin ke ɗauka daidai. Iyakar RF a wurare da yawa 14 ce ko 20 IU/mL. Ta anti-CCP ta danganta da na'urar: wata 5, wata 17, wata 20, wata 25 U/mL. Don haka ba a kwatanta lambar wannan ɗakin gwaji da ta wancan, kuma 15 na iya zama fozitif a wata takarda, negetif a wata. Ƙa'idar ita ce a ninka iyakar sau uku. Abin da ya haura iyaka amma bai wuce ninkin ba ƙaramin fozitif ne, abin da ya wuce ninkin babba ne. Girman lambar yana ƙara yiwuwar cewa rumatoyid ne na gaske.

Idan gwajin faranti aka yi, takardar takan ce fozitif kawai. Ana iya roƙon mai gwajin ya tsarma ruwan jinin kashi-kashi, rabi, rubu'i, sumuni, ya faɗi inda gudajin ya tsaya, domin daga nan ake ƙiyasta lamba. Gwajin faranti yana kuma lalacewa idan aka wuce minti biyu kafin a karanta, saboda ruwan ya fara bushewa ya yi kama da gudaji, ko idan maganin gwajin ya sha zafi don rashin wutar firiji. Ba a bukatar azumi kafin ɗibar jinin ko wanne daga cikin gwaje-gwajen biyu.

A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar da ma'aunin maki goma, wanda ya sami shida ko fiye a lissafa shi cikin masu rumatoyid. Sharaɗin shiga ma'aunin shi ne a sami gaɓa aƙalla ɗaya mai kumburi na zahiri da wata cuta ba ta bayyana shi ba. Yawan gaɓɓan da suka kumbura ko suke zafi in an taɓa yana ba da maki har biyar: ƙananan gaɓɓai ɗaya zuwa uku maki biyu, huɗu zuwa goma maki uku, fiye da gaɓa goma da aƙalla ƙarama ɗaya a ciki maki biyar. Jini yana ba da maki biyu ga ƙaramin fozitif, uku ga babba, kuma mafi girma daga cikin gwajin biyu ake ɗauka, ba a haɗa su. RF da aka rubuta fozitif ba lamba, ƙarami ake lissafa shi. Hauhawar ESR ko CRP, masu nuna kumburi a jiki, maki ɗaya ce, cikar mako shida ma maki ɗaya. Duk ƙarfin sakamakon RF ko anti-CCP, maki uku ne iyakarsa, ba zai kai mutum shida shi kaɗai ba.

Misali biyu

A ƙaddara wata mata mai shekara 38 daga wani ƙauye a yankin Garo, sana'arta ɗinkin hula. Wata huɗu ke nan, tun bayan ta gama wankan jego, allura ke gagarar ta da safe, hannun ba ya saki sai wajen ƙarfe goma. A gida an ce sanyin jego ne. Ba abin mamaki ba ne, domin rumatoyid yakan lafa lokacin goyon ciki, ya taso ko ya fara a watannin bayan haihuwa. Da aka duba ta an sami kumburi mai laushi a tushen manuniya da ɗan tsakiya a hannu biyu, gaɓa huɗu ke nan, da gaɓar tsakiyar yatsu biyu, da wuyan hannu biyu, wanda a wannan ma'auni ƙaramar gaɓa ake lissafa shi. Jimla takwas, maki uku. Takardarta ta nuna haka:

```
RF        30 IU/mL   (<14)
Anti-CCP  180 U/mL   (<17)
ESR       62 mm/hr
```

Ninkin 14 sau uku 42 ne, don haka RF ɗinta ƙaramin fozitif ne, irin wanda ciwon hanta ko tsargiya ma za su iya kawowa. Ninkin 17 sau uku 51 ne, 180 kuwa ta wuce shi nesa, babban fozitif ke nan, maki uku. ESR ta ba da ɗaya, ko da yake a tuna ƙarancin jini ma yana ɗaga ta. Wata huɗu ya ba da ɗaya. Jimla takwas cikin goma. Wannan rumatoyid ne, kuma girman anti-CCP yana ƙara faɗin wani abu: irin wannan ya fi saurin cin ƙashi a gefen gaɓa, don haka ba a yi masa jinkiri.

Da a ce matar nan duka gwajin biyu negetif suka fito, makinta zai tsaya a biyar. Hannunta dai bai canza ba. An tsara ma'aunin ne don zaɓen marasa lafiya a bincike, ba don ya maye gurbin idon likita ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu rumatoyid ba su da ko ɗaya daga cikin antibodin biyu. Irin wannan mata ba a ce mata ta koma gida ba komai. Ana ɗaukar hoton hannu da ƙafa, a yi sikanin gaɓa in akwai, a nemi lufus da sauran masu kama da shi, kuma in hoton cutar ya cika a fara magani.

Na biyu, a ƙaddara wani manomin rani mai shekara 61 daga wajen Getso. Gwiwoyinsa da ƙugunsa ke ciwo, sun fi tsanani da hunturu da kuma bayan ban ruwa. Yana tashi a ƙage, amma minti goma ya saki. Hannuwansa ba kumburi, sai ɗan tauri a gaɓoɓin kusa da farce. An yi masa RF na faranti ya fito fozitif, ya zo da takardar hankalinsa a tashe. Amsar da ta dace da shi ita ce, "Baba, wannan takardar ba ta ce kana da rumatoyid ba. Gwiwarka zaizaya ce. Amma bari mu duba abin da ya sa jinin ya nuna haka." Ma'aunin maki bai ma shafe shi ba tunda ba kumburi. Kuɗin da zai kashe a anti-CCP ya fi amfani a gwajin ciwon hanta B da C, gwajin fitsari don tsargiya, da tambayar tari. In ciwon hanta ya fito, to RF ya yi amfani, sai dai ba a inda aka aike shi ba.

Saura hali ɗaya: anti-CCP fozitif, gaɓɓai na ciwo, amma ba kumburi. Binciken da aka yi a jinin masu ba da gudummawar jini a Suwidin da Holan, wanda aka buga a 2003 da 2004, ya nuna antibodin na iya bayyana shekaru kafin cutar, wani lokaci fiye da goma. Wannan mutum bai kamu ba tukuna, kuma ba lallai ya kamu ba, amma haɗarinsa ya fi na kowa. Ba a fara masa maganin rumatoyid saboda takarda. Ana sake duba hannunsa bayan 'yan watanni, a gaya masa ya dawo da zarar gaɓa ta kumbura, ya bar taba in yana sha, ya kuma kula da dasashinsa, don ciwon dasashi mai daɗewa yana da alaƙa da cutar.

Bayan sakamako

Ga mutumin Gwarzo ko Kabo, RF da ESR da gwajin ciwon hanta abubuwa ne da ake fara nema a kusa, a Babban Asibitin Gwarzo ko makamancinsa. Anti-CCP yana bukatar na'ura, ya fi tsada nesa, kuma yawanci sai an shiga Kano ko an aika jinin can. Idan kuɗin gwaji ɗaya kawai ake da shi kuma kumburin yatsu a bayyane yake, anti-CCP ya fi cancanta. Idan ba halin ko ɗaya, rashinsa ba dalili ba ne na ƙin tura mara lafiya wurin likitan gaɓɓai, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Maganin da aka fara cikin watanni uku zuwa shida na farko ya fi hana nakasa, kuma cin ƙashi yakan fara ne tun cikin shekara biyun farko.

Abin da ya fi cinye waɗannan watanni shi ne sauƙin wucin gadi. Haɗin ƙwayoyin kemis da wasu magungunan sanyi na kwalba sukan ƙunshi firednisolon ko dekzametazon. Suna sauke kumburi cikin kwana biyu, mara lafiya ya ce ya warke, likita ya duba bai ga komai ba, ESR ma ta sauka. In aka daɗe ana sha sai fuska ta kumbura, suga da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni. Dikulofenak da aibufurofen suna rage zafi amma ba sa tsayar da cin gaɓa, kuma yawan shansu na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Duk wanda zai ga likita ya tafi da kwalayen abin da yake sha, domin hakan na sauya yadda za a karanta hannunsa.

Ginshiƙin magani shi ne metotireksat, kuma a nan gwajin ciwon hanta ya sake shigowa, don maganin na taɓa hanta. Kafin a fara ana duba ciwon hanta B da C, aikin hanta da ƙoda, yawan ƙwayoyin jini, hoton ƙirji, da gwajin ciki ga mace. Maganin yana illata ɗan tayi, ba a kuma shan sa ana shayarwa, don haka matar misalinmu, mai jariri a hannu, sai an zauna da ita da mijinta a zaɓi wanda ya dace da goyo, kamar salfasalazin ko haidiroksikulorokwin, ko a tsara lokacin yaye da tazarar haihuwa. Sau ɗaya a mako ake shan metotireksat, a rana guda da aka tsayar, tare da folik asid a wata ranar. Shan sa kullum bisa kuskure yana kashe ɓargo, yana iya kisa. Haɗa shi da saftirin ma haɗari ne.

Da zarar an tabbatar da cutar, maimaita RF da anti-CCP ɓarnar kuɗi ce. Anti-CCP yakan zauna fozitif ko an sami sauƙi, kuma hawa da saukar lambar ba sa bin tsananin ciwo yadda za a dogara da su. Abin da ake bi a kowace ziyara shi ne gaɓa nawa ke kumbure, nawa ke zafi, minti nawa hannu ke ɗauka kafin ya saki da safe, sai ESR ko CRP, da gwajin hanta da jini saboda maganin. Hali guda kuma ba ya jiran kowane irin sakamako: gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko da a jikin wanda aka san yana da rumatoyid. Wannan ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa har sai an tabbatar da akasin haka, tana iya lalata ta cikin kwanaki, kuma a ranar ake kai shi asibiti.